Ma'aunan Z na da'irar lantarki mai ƙofa biyu

Da'ira mai ƙofa biyu ita ce wadda ke da tagwayen wayoyi na shiga da tagwaye na fita, kuma ma'aunan Z lambobi huɗu ne da ke bayyana halinta ba tare da an leƙa cikinta ba. Ana ƙirga su da om, domin kowannensu turjiya ce, wato boltej da aka raba da kwararar lantarki:

```
V1 = Z11·I1 + Z12·I2
V2 = Z21·I1 + Z22·I2
```

V1 da I1 su ne boltej da kwararar lantarki a ƙofa ta farko, wato ta shiga, V2 da I2 kuma na ƙofa ta biyu, wato ta fita. A bisa al'ada, ana ɗaukar I1 da I2 duka suna shiga da'irar ne.

Gwaji biyu sun wadatar, irin waɗanda ɗalibin injiniyan lantarki a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya zai iya yi da mita biyu. Da farko ana barin ƙofa ta biyu a buɗe, ba a haɗa mata komai, don I2 ya zama sifiri, sai a sami Z11 = V1/I1 da Z21 = V2/I1. Sannan a juya, a bar ƙofa ta farko a buɗe, a ba ƙofa ta biyu wuta, a sami Z22 da Z12.

A ɗauki da'ira mai siffar T, om 10 a hannun shiga, om 20 a hannun fita, om 30 a ƙafar tsakiya. Idan aka tura ampiya 0.1 ta ƙofa ta farko, za a ga bolt 4 a wurin shiga da bolt 3 a wurin fita, wato Z11 = 40, Z21 = 30. Gwaji na biyu yana ba da Z22 = 50, Z12 = 30.

Idan aka ɗora lodi mai turjiya ZL a wurin fita, V2 = −I2·ZL ne, saboda lantarkin fita yake yi, kuma mantawa da wannan alamar ragi shi ke yawan ɓata lissafi. Daga nan ake samun ribar boltej:

```
V2/V1 = Z21·ZL / (Z11·(Z22 + ZL) − Z12·Z21)
```

Da lodin om 50, sama ya zama 1500, ƙasa 4000 a cire 900, wato 3100, riba ta tsaya a kusan 0.48. Ba tare da lodi ba kuwa 30/40 ce, wato 0.75, don haka wanda ya dogara da gwajin buɗaɗɗiyar ƙofa kaɗai zai yi tsammanin abin da da'irar ba za ta bayar ba.

A da'irar da ba ta ƙunshi komai ba sai razisto da kafasito da koyil, dole Z12 ya yi daidai da Z21, kuma in sun sha bamban sosai to akwai kuskure a awon, wataƙila mitar boltej na jan lantarki har ƙofar ta daina zama a buɗe. Idan sigina na saurin kaɗawa ƙwarai, kamar na rediyo, lantarki kan zurare tsakanin wayoyin ko da ba a haɗa su ba, don haka ƙofar ba ta zama a buɗe da gaske, shi ya sa ake komawa ga ma'aunan S, waɗanda ke auna yawan siginar da ta dawo da wadda ta wuce, ba sai an bar ƙofa a buɗe ba.