Takardar lodin jirgi: abin da kwastan ke dubawa kafin a saki kwantena

Ƙa'idar tashar ruwa, ko Apapa ko Kwatano, ita ce dole bakin takardu ya zo ɗaya. Takardar lodin jirgi, wadda ake rubuta B/L a kanta, kamfanin jirgi ne ke bayar da ita. Takardar jerin kaya kuwa mai sayarwa ne ke rubuta ta. Idan suka saɓa, kaya na iya maƙalewa, kuɗin jinkiri kuma yana ta hawa kullum.

Fara da lambar kwantena. Tsarin ISO 6346 ya sa ta zama haruffa 4 da lambobi 7, kamar CSQU3054383. Haruffa uku na farko na mai kwantenar ne, U na nufin kwantenar kaya ce, lamba ta ƙarshe kuma ta tantancewa ce, lissafa ta ake yi daga sauran. Shi ya sa kuskuren lamba ɗaya kan sa na'ura ta ƙi karɓa. Kada ka haɗa ta da lambar hatimin ƙofa, wannan daban take. In an iske hatimin da ke jiki ba shi ne a takarda ba, a tsaya a bincika, wataƙila an buɗe a hanya.

Sai adadi. A ce ɗan kasuwar Sabon Gari a Kano ya yi odar fitilun sola daga Guwanzu. B/L ta ce STC 800 CARTONS, jerin kaya ya ce katan 860. STC ɗin nan na nufin “an ce akwai”, wato kamfanin jirgi bai ƙirga ba, abin da mai lodi ya faɗa ya rubuta. Don haka ba zai ɗauki alhakin katan 60 ɗin ba, kwastan kuma za su ɗauke su a matsayin kayan da ba a bayyana ba: ƙarin haraji, tara, wani lokaci ƙwacewa. Nauyi na iya tona gaskiya. In kowane katan kilo 15 ne, 800 za su ba da kilo 12,000, 860 kuma 12,900. Duba wanne ne a takardar jirgin.

Inda mutanenmu suka fi sakaci shi ne gurbin Consignee. Wanda sunansa ke nan shi za a miƙa wa kaya, ba wanda ya biya kuɗi ba. Gurbin Notify Party na wanda za a sanar ne kawai idan jirgi ya iso, ba ya ba shi iko. In an rubuta TO ORDER, sai an sa hannu a bayan takardar ta ainihi kafin iko ya koma hannunka. A Najeriya dole sunan ya dace da na Form M, wato fom ɗin shigo da kaya da ake cikewa ta banki, da na PAAR, wato rahoton kwastan na kimanta kaya kafin su iso. A ganina ganganci ne mutum ya sa sunan kamfanin ejan ɗinsa don gudun wahalar rajista, domin ranar da kuka ɓata, a takarda kayansa ne.

Ka nemi daftarin B/L ka karanta kafin jirgi ya tashi. Bayan an miƙa wa kwastan bayanan kayan jirgi, gyara sai da kuɗi da izini.