Ban taɓa aikin albashi ba, me zan rubuta a CV?

Na gama sakandare a 2021, na yi ƙaramar difloma a fannin kasuwanci na kammala a 2024. Ban taɓa aikin albashi ba. Abin da nake yi kawai zaman shagon wayoyi na kawuna a Farm Centre, da karantar da yara a islamiyyar unguwarmu da yamma. Yanzu wani babban kanti yana neman mai karɓar kuɗi, sun ce a kawo CV. Me zan rubuta?

Ƙanena, cire kalmar "kawai" daga maganarka. Manajan kantin nan abu uku ne a ransa: ko ka iya riƙe kuɗin mutane lissafi ya fita daidai, ko ka iya magana da mai saye ba tare da rigima ba, da ko za ka zo aiki kullum a kan lokaci. Zaman shagon kawunka ya amsa dukkan ukun. Matsalar ita ce yadda yawancin matasa ke rubuta shi. Sai ka ga layi ɗaya: "Ina taimaka wa kawuna a shago." Wanda ya karanta wannan bai san komai a kanka ba, don mai share shago da mai riƙe littafin ciniki duk taimako suke yi.

Kafin ka je wurin mai buga takarda, ɗauki biro ka tambayi kanka abin da hannunka ke yi daga buɗe shago zuwa rufewa. Wa ke karɓar kuɗi? Wa ke duba ko kuɗin da aka tura ta banki sun shigo kafin a ba mutum kaya? Wa ke rubuta abin da ya fita da abin da ya rage? Idan kawu ya yi tafiya Legas sayo kaya, wa ake bar wa makulli? Amsoshin nan su ne CV ɗinka. A saman su ka sa sunan aikin, wato mai sayarwa da karɓar kuɗi, sai sunan shagon, Farm Centre, Kano, sai lokaci: daga wata kaza na 2021 zuwa yau. A ƙarƙashi layi uku ko huɗu, misali:

- Ina karɓar kuɗi hannu, ta POS da ta turawa ta banki, daga masu saye kusan 30 a rana.
- Ina rubuta cinikin kowace rana a littafi, in haɗa shi da kuɗin da ke aljihun tebur kafin a rufe shago.
- Ina ƙirga kaya duk ƙarshen mako, in sanar da mai shago abin da ya kusa ƙarewa.
- Nakan riƙe shagon ni kaɗai idan mai shago ya yi tafiya.

Lambar 30 ɗin nan misali ce, kai ka sa taka ta gaskiya. Idan ba ka taɓa ƙirgawa ba, duba littafin ciniki na mako guda ka raba da yawan kwanakin. Kada ka ƙara gishiri, domin a ranar ganawa a kan wannan layin za a tsaya. Za a ce maka, "Idan kuɗin tebur bai kai na littafi ba, ya kake yi?" Wanda ya taɓa zama da dare yana neman inda dubu biyu ta shige zai ba da amsa nan take. Wanda aka rubuta wa kuwa sai ya fara kame-kame.

Islamiyya ma ta shiga, amma a taƙaice: malamin sa-kai, daga shekara kaza, aji nawa, yara nawa, kwana nawa a mako. Ga aikin karɓar kuɗi, amfaninta shi ne ta nuna an ba ka amana kuma kana zuwa ba fashi. Da aikin koyarwa kake nema, da ita za ta hau sama, shago ya sauko ƙasa.

Akwai kuma wanda ka manta. Duk mai ƙaramar difloma a irin fannonin da ake tura ɗalibai horon SIWES ya yi wata huɗu a wata ma'aikata bayan shekarar farko. Idan ka yi, rubuta sunan wurin, watannin, da abin da aka sa ka yi. Haka mai NCE zai sa koyarwar gwaji da ya yi, mai digiri ko babbar difloma zai sa inda ya yi bautar ƙasa, wanda ya yi aikin wucin gadi na zaɓen 2023 ko na rigakafin shan-inna shi ma ya sa.

To yaya zan jera su, kuma shafi nawa?

Shafi ɗaya na A4. Tunda da Turanci ake miƙa CV a irin waɗannan wuraren, ga kanun da za ka buga, a jere:

```
Profile
Work Experience
Education
Skills
Referees
```

Can sama da su duka, cikakken sunanka da manyan haruffa, lambar waya, imel, da unguwa da gari. Ƙarƙashin kan farko layi biyu sun isa: mai difloma a kasuwanci, ya yi shekara kaza yana karɓar kuɗi da riƙe littafin ciniki a shagon wayoyi, yana neman aikin karɓar kuɗi. Ka guji doguwar jimlar nan da masu shagon buga takardu ke liƙa wa kowa, wadda ke cewa kana son aiki a babbar ma'aikata don ba da gudummawa ga cigabanta. Manaja ya gan ta a takardu da yawa, idonsa tsallake ta yake yi.

An saba cewa wanda bai daɗe da gama makaranta ba ya fara da sashen karatu. Ni a ganina, ga irin wannan aiki, shago ya kamata ya zo gaba, domin masu difloma suna da yawa a cikin masu neman, waɗanda suka riƙe kuɗin ciniki shekaru kuwa kaɗan ne. Wanda ba shi da komai sai takardar makaranta, shi ne zai sa karatu a gaba. A kowane sashe a fara da na baya-bayan nan a koma baya.

Amma shagon na kawuna ne, kuma ba ni da wata takarda da ke nuna na yi aiki a can. Ba za a ce ƙarya nake yi ba?

Ba a buƙatar takardar ɗaukar aiki kafin a rubuta aiki a CV. Abin da ake buƙata shi ne mutumin da za a kira ya ce, "E, na san shi, haka ne." Idan kawu zai rubuta maka 'yar wasiƙa mai ɗauke da sunan shago, lokacin da ka fara, abin da kake yi, da sa hannunsa, to madalla, ka ajiye ta ka tafi da ita ranar ganawa. Idan an tambaye ka alaƙarku, ka faɗi gaskiya.

Sai dai a sashen masu shaida, kada ka cika shi da 'yan gida, don kowa ya san kawu ba zai kushe ɗan 'yar'uwarsa ba. Nemi mutum biyu: malaminka na kwaleji ko wanda ya kula da kai a SIWES, da shugaban islamiyya. Ka rubuta suna, muƙami, wurin aiki da lambar waya. Ka je ka gaishe su ka nemi izini tukuna, ka gaya musu aikin da kake nema. Abin da ke yawan faruwa shi ne a kira malami ya ce, "Wane ne? Ban gane shi ba," alhali da an tuna masa da zai yi magana mai kyau. Kuma sunan babban mutumin da bai san ka ba ba ya ƙara maka komai.

Ka bambanta mai shaida da mai tsaya maka. Aikin da ya shafi kuɗi sau da yawa sai an kawo wanda zai sa hannu cewa zai ɗauki nauyi idan wani abu ya ɓata. Wannan takarda ce dabam da ake ba ka bayan an zaɓe ka, ba ta shiga CV, amma gara ka fara tunanin wa za ka nema tun yanzu.

Sakamakon WAEC ɗina bai yi kyau sosai ba, sai da na haɗa da NECO. In rubuta maki?

Ba sai ka jera darussa ba. Rubuta sunan makaranta, shekara, da SSCE, ka ambaci WAEC da NECO kowacce da shekararta. Idan haɗin ya ba ka kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, faɗi haka a layi ɗaya, don lissafi ya shafi aikin. A difloma ka sa kwaleji, fanni, shekarun, da matakin da ka fita da shi idan mai kyau ne. Firamare ana iya barinta, sai in sanarwar ta nema.

Abin da ya fi maki jawo matsala shi ne suna. Takarda ɗaya Muhammad, ɗaya Mohammed, wata kuma sunan gari ne a madadin na mahaifi. Ka rubuta sunan CV yadda yake a takardun karatunka da katin ɗan ƙasa. Idan sun saɓa, ka yi takardar rantsuwa a kotu kafin a kira ka, kada sai ranar tantance takardu ka fara bayani.

A wurin ƙwarewa fa? Abokina ya ce in sa na iya kwamfuta.

Idan an zaunar da kai gaban Excel aka ce haɗa jimillar layi ɗaya, za ka iya? In za ka iya, rubuta Excel ɗin da sunansa. In ba za ka iya ba, bar shi, ko ka koya a makon nan, don ana gwadawa. Sa abin da ka tabbata da shi: aiki da na'urar POS, gane jabun kuɗi da saƙon banki na bogi, riƙe littafin ciniki. Harsuna ma ƙwarewa ce, Hausa da Turanci, da Larabci ko Fulatanci in kana ji, tare da faɗin wanda kake iya rubutawa. Kalmomi irin su "mai gaskiya" da "mai ƙwazo" kowa na rubutawa, layin da ya ce ana bar maka makullin shago ya riga ya faɗe su.

Na ga wasu suna sa addini, ƙabila, hoto, har da NIN. Dole ne?

A kamfani mai zaman kansa ba dole ba ne, kuma suna cin wurin da ba ka da shi. Jiha da ƙaramar hukuma aikin gwamnati ne ya fi neman su, saboda tsarin rabon guraben aiki tsakanin jihohi. Hoto sai in an nema. NIN da BVN da lambar asusun banki kuwa kada su shiga CV ko kaɗan, domin takarda ce da ke yawo hannu zuwa hannu, kuma akwai masu tallar aikin bogi da ba abin da suke so sai waɗannan lambobin. Duk wanda ya ce ka biya kuɗi kafin a duba takardarka, ka yi nesa da shi.

Sun ce a turo ta WhatsApp ko a kawo da hannu. Wanne ya fi?

In da hali yi duka biyun. Ka ce wa mai buga takardar ya ba ka kwafi biyu a wayarka: na Word don gyara nan gaba, da na PDF don turawa, saboda PDF ba ya wargajewa a wayar wani. Kada ka ɗauki hoton takarda ka tura. Sunan fayil ya zama sunanka, kamar `Suna_Sunanmahaifi_CV.pdf`, kuma ka haɗa da gajeren saƙo: sallama, sunanka, da aikin da kake nema. Kafin ka bar shagon bugawa, karanta lambar wayarka ɗaya bayan ɗaya, ka duba ko ba a bar sunan wani ko makarantar wani daga tsohon CV da aka kwafa ba. Idan imel ɗinka laƙabi ne na wasa, buɗe sabo da sunanka. Na hannu kuma a sa shi a ambulan ba tare da an ninke ba, a kai da safe kafin kanti ya cika, a tambayi wanda aka ce a ba.