Wasannin da ke koya wa yaro tunanin rubuta manhaja

Ɗana ɗan shekara 14 yana son wasannin wasa ƙwaƙwalwa, amma kwamfutarmu tsohuwa ce. Da wanne zai fara?

Ya fara da Blockly Games na Google. Kyauta ne, a burauza ake buɗe shi ta blockly.games, kuma ana iya sauke shi a yi ba intanet. Ya shiga sashen Maze mai matakai 10, inda zai jera tubalan umarni ya kai wani ɗan mutum wurin da aka yi wa alama.

Dabarar wasan ita ce ƙayyade yawan tubalan. A mataki na 3 hanya miƙaƙƙiya ce, amma biyu kacal aka yarda ya sa, don haka jera "move forward" sau da yawa ba zai yiwu ba. Dole ya saka shi cikin "repeat until". Ya koyi maimaita umarni ke nan, ba wanda ya yi masa lacca.

Idan ya gama fa?

Human Resource Machine, wanda Tomorrow Corporation suka fitar a 2015. Na kuɗi ne, amma ba ya da nauyi, har a wayar Android yana tafiya. A ganina ya fi sa yaro zufa. Ma'aikacin ofis ne ke ɗauko lamba, ya sarrafa, ya miƙa, kuma abu ɗaya tak yake iya riƙewa a hannu. Sauran sai ya ajiye a ƙasa.

Akwai matakin da ake so a ninka kowace lamba sau 8, alhali babu umarnin ninkawa, sai tarawa. Yawancin yara za su tara sau 7. Ga gajeriyar hanya:

```
a: inbox
copyto 0
add 0
copyto 0
add 0
copyto 0
add 0
outbox
jump a
```

A ce 5 ce ta shigo. Ya ajiye kwafinta a gurbi na 0, ya tara da ta hannunsa, ta zama 10. Ya ajiye 10 a kan ta farko, ya tara, 20. Sau ɗaya kuma, 40. Tarawa uku ta wadatar. In ya manta "copyto 0" na biyu da na uku, 20 zai samu, domin har yanzu 5 ce a gurbin.

Yaya zan gane yana fahimta ne ko canki-canka yake yi?

Kafin ya danna maɓallin farawa, ka ba shi lamba ka ce ya faɗi abin da zai fito. Mai canki-canka yana ta sauya jerin umarni yana sake dannawa, ba ya iya faɗin layin da ya ɓata aikin. Irin wannan a ba shi takarda da biro, ya bi umarnin layi-layi yana rubuta abin da ke hannun ma'aikacin da abin da ke gurbin.