Waiwaye: canjin kuɗi da ƙananan masu shigo da kaya a Tawa

Dattawan kasuwar Tawa ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya koma sefa 100 maimakon 50. Wanda ya karɓi kaya bashi daga waje ya wayi gari bashinsa ya ninka, alhali kuɗin da ke hannunsa bai ƙaru ba. Tun 1999 kuwa an ɗaure sefa da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, kuma wannan ne ya sa ’yan kasuwa da yawa suke ganin kuɗinsu ba ya motsi. Gaskiyar magana ita ce da yuro kaɗai yake tsaye, amma da dalar Amurka yana hawa da sauka tare da yuron.

Shekarar 2022 ta nuna haka a fili. A watan Yuni dalar Amurka tana kusan sefa 620, kafin ƙarshen Satumba ta kai wajen 680. A ɗauki ɗan kasuwa da ya yi odar kayan dalar Amurka 20,000 daga Sin a Yuni, ya ba da kafin alƙalami na 6,000, sauran 14,000 sai an loda kaya a Satumba. Ya yi lissafin zai cika sefa 8,680,000, sai ga shi ya biya 9,520,000, wato 840,000 sun tafi tun kayan ba su iso tashar jirgin ruwa ba. Asarar ta faru ne a tazarar da ke tsakanin ranar ƙulla ciniki da ranar biya, don haka maganin farko shi ne rage wannan tazara: a biya da wuri idan an amince da mai kayan, ko a nemi ya rubuta farashin da yuro. Banki na iya tsayar wa mutum farashin canji zuwa wata rana, sai dai da lada da neman jingina, abin da ke yi wa ƙaramin ɗan kasuwa nauyi.

Ta ɓangaren Ƙonni da Illela matsalar ta juya baya, domin naira ce ke faɗuwa, musamman bayan da Najeriya ta bar kasuwa ta yanke farashinta a Yunin 2016 da kuma Yunin 2023. Wanda ya canza sefarsa ya ajiye naira yana jiran tafiya Kano ya yi asara, haka ma wanda ya cika shago da tsohon farashi, tunda maƙwabcinsa zai kawo irin kayan da araha bayan mako biyu. Shi ya sa masu gogewa ba sa zuwa wurin ’yan canji sai ranar saye, kuma suna saro kayan Najeriya kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da zai ƙare kafin tafiya ta gaba.