Kuzarin da jiki ke ci yayin cikakken hutu

Ko da mutum ya kwanta bai motsa ko yatsa ba, jikinsa yana cin kuzari: zuciya na bugawa, ƙoda na tace jini, ƙwaƙwalwa ba ta hutawa. Wannan kuzari da rai ba ya yiwuwa sai da shi, shi masana ke kira BMR, kuma da kalori ake ƙidaya shi. Ana auna shi da safe, mutum yana kwance idonsa biyu, ya yi kamar awa 12 bai ci komai ba, a ɗakin da babu zafi babu sanyi. Na'ura ce ke auna iskar oksijin da ya shaƙa, daga nan a gano abin da ya ƙona. Ga yawancin mutane, shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuzarin yini. Narkar da abinci na ɗaukar kimanin kashi 10, sauran kuma motsi ne.

Mutane kan ce jikin siriri yana ƙona abinci da sauri, na mai ƙiba kuma a hankali. Lissafi bai goyi bayan haka kai tsaye ba. Ga ƙa'idar Mifflin-St Jeor ta 1990 da ake ƙiyasta BMR da ita, ta mata, inda W ke nufin nauyi a kilo, H tsawo a santimita, A kuma shekaru:

```
BMR = 10W + 6.25H - 5A - 161
```

A ɗauki mata biyu 'yan shekara 30, kowacce tsawonta santimita 165. Mai kilo 60 tana ƙona kalori kusan 1,320 a rana, mai kilo 90 kuma kusan 1,620. Ke nan mai jikin ce a gaba da kalori 300. Amma in an raba da nauyi, siririyar na ƙona 22 a kowane kilo, ɗayar 18. To wacce ce mai saurin? Ya danganta da ma'aunin da aka ɗauka.

Dalili shi ne sassan jiki ba ɗaya suke ba wajen ci. Kilo ɗaya na kitse yana ƙona kalori 4 zuwa 5 a rana, na tsoka kusan 13, na hanta kuwa kusan 200. Ƙwaƙwalwa da hanta da zuciya da ƙoda ba su kai kashi 6 na nauyin jiki ba, amma su ke cinye fiye da rabin BMR. Shi ya sa ƙara tsoka ke ɗaga shi kaɗan kawai, ba kamar yadda ake zuzutawa ba.

Bambanci na gaske tsakanin mutane yana nan, sai dai ita ƙa'idar, ƙiyasi ce kawai, ba ta ganinsa. Idan tayirod, wato ƙwayar da ke gaban wuya, ta yi rauni, BMR na sauka, mutum ya riƙa jin sanyi da kasala. Gwajin jini ne ke tabbatar da hakan. Rage cin abinci na tsawon lokaci ma yana saukar da BMR, zazzaɓi kuma yana ɗaga shi.