Tsara bayanan hoto da ɗora shi kafin lokacin da ake nemansa

A sana'ar sayar da hotuna ta rumbunan intanet irin su Shutterstock da Adobe Stock, kowane hoto yana tafiya da bayanan rakiya, waɗanda masu sana'ar ke kira metadata, wato take, da taƙaitaccen bayani, da jerin kalmomin da mai saye zai rubuta har hoton ya fito masa. Tsara waɗannan bayanai bisa kalandar shekara yana nufin a shirya su, a kuma ɗora hoton tun kafin bukukuwa ko jarrabawa ko kaka su zo, saboda mai sayen hoto yana yin nemansa makonni da dama kafin sauran jama'a su fara zancen abin.

Dalilin ɗorawa da wuri

Masu sayen irin waɗannan hotuna galibi kamfanonin talla ne da bankuna da kamfanonin waya da gidajen jaridu, kuma allon barka da Sallah da ake gani a bakin titi ranar Idi an zana shi, an amince da shi, an buga shi tun ana tsakiyar azumi ko ma kafin a fara azumin. Bayan wannan akwai jinkirin rumbun kansa, domin sai an duba kowane hoto kafin a karɓe shi, abin da kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni. Hoton da aka karɓa kuma ba ya hawa sahun gaba nan take, tunda wanda aka riga aka saya yakan sha gaban wanda ba a taɓa saya ba. Idan aka haɗa waɗannan, ma'aunin da masu sana'ar suka saba bi shi ne a ɗora wata biyu zuwa uku kafin ranar. Ma'anar wannan ita ce hoton Sallar bana na kasuwar Sallar baɗi ne, sai fa hoton labari da jaridu ke so a ranar.

Ana duba lokacin da nema ke tashi a Google Trends, wanda ke da bayanai tun daga 2004 kuma yake nuna yawan nema da ma'aunin 0 zuwa 100, inda 100 ke nufin lokacin da aka fi neman kalmar a tsakanin kwanakin da aka zaɓa. Sai dai abin da yake aunawa neman jama'a ne, ba na masu saye ba, don haka tashin da aka gani a wurin alama ce ta ƙarshen kasuwa, kuma daga nan ake ƙirgawa baya.

Kalanda uku da ba sa tafiya tare

Kaka tana bin damina, don haka ba ta gusawa sosai. A ƙasar Hausa ana girbe gero wajen Satumba, a cire gyaɗa wajen Oktoba, dawa kuma sai Nuwamba zuwa Disamba, wanda ke nufin hotunan girbi su shiga rumbu tun Yuni ko Yuli. Jarrabawa tana bin sanarwar hukumomi: ta JAMB kan faɗo wajen Afrilu, ta WAEC a Mayu da Yuni, ta NECO kuma ta biyo baya, yayin da a Nijar ake zana BEPC da Bakaloriya wajen Yuni da Yuli. Jarrabawa tana da tashi na biyu idan sakamako ya fito, lokacin da ake neman hoton murna maimakon na karatu.

Sallah ce ta fi rikita lissafi, saboda shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, don haka kowace shekara ranar tana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya. A Najeriya an yi Ƙaramar Sallah ranar 21 ga Afrilun 2023, da 10 ga Afrilun 2024, da 30 ga Maris na 2025. Wanda ya kafe ranar ɗorawa a kalandar Miladiyya yana maimaita ta, cikin shekara uku zai makara da fiye da wata guda ba tare da ya lura ba.

Misali daga Hawan Daushe

A ɗauka mai hoto ya ɗauki mahaya a Hawan Daushe na Kano ranar 11 ga Afrilun 2024, washegarin Sallah. Azumin da ya biyo baya ya fara 1 ga Maris na 2025, saboda haka hotunan hawan ya kamata su shiga rumbu a farkon Janairu, na buɗa-baki kuwa, irin su dabino da ƙosai da kofin kunu a kan tabarma, tun Disamba. A Disambar 2024 ne ma UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, kuma irin wannan labari yana jawo nema a lokacin da kalanda ba ta nuna ba, wanda hotonsa ke ciki tuni shi ke cin moriya.

Shutterstock na karɓar kalmomi 7 zuwa 50, Adobe Stock kuma har 49, kuma a Adobe Stock goma na farko sun fi nauyi, don haka jerin yana farawa da abin da ido ke gani da sunan da mai saye ya sani: `Durbar`, `Kano`, `horsemen`, `Eid al-Fitr`, `Sallah`, `Nigeria`, `Hausa`. Sunan `Hawan Daushe` yana shiga shi ma, ko da yake masu rubuta shi kaɗan ne, domin wanda ya rubuta shi ya san ainihin abin da yake so. Ya fi sauƙi a rubuta kalmomin cikin fayil ɗin hoton sau ɗaya, rumbuna su karanta da kansu, misali da manhajar ExifTool:

```
exiftool -XMP-dc:Subject+="Durbar" -XMP-dc:Subject+="Kano" hawan_daushe_01.jpg
```

Tunda fuskokin mahayan a fili suke kuma babu takardar amincewarsu, hoton ba zai shiga rukunin talla ba, sai rukunin labari, inda Shutterstock ke buƙatar bayanin ya fara da gari da ƙasa da ranar da aka ɗauka. Ranar gaskiya ake rubutawa, ba a sauya ta zuwa 2025 don hoton ya yi kama da sabo.

Inda ake yin kuskure

Babban kuskure shi ne cusa kalmomin da ba su shafi hoton ba. Hoton rago na Babbar Sallah ne, kalmominsa `Eid al-Adha` da `Tabaski`, sunan da mai saye daga Nijar ko Senegal zai rubuta, kuma sanya masa `Ramadan` don a kama kasuwa biyu yana kai shi gaban mutanen da za su wuce shi, idan ma masu dubawa ba su mayar da shi ba. A hotunan kaka kuskuren na suna ne: gero `pearl millet` ne, dawa `sorghum` ko `guinea corn`, kuma ma'aikacin hukumar noma da ya ga zangarniyar dawa an kira ta gero ba zai yarda da sauran bayanin ba. A na jarrabawa matsalar ta izini ce, tunda ba a barin kyamara a zauren jarrabawa, tambarin hukuma ko bajon makaranta a jikin riga yana hana hoto shiga rukunin talla, ɗalibin da bai kai shekara 18 ba kuma sai uba ko uwa ko waliyyi ya sa hannu a takardarsa. Shi ya sa ake shirya irin wannan hoto a gida ko a ajin da aka nemi izini, da littafi marar tambari.

Shafin ƙididdigar mai sayarwa ne ke nuna wace matsala aka samu. Idan hoto bai sayu ba a shekarar farko amma ya fara fita wata biyu kafin bikin shekara ta biyu, makara aka yi. Idan kuma lokacin ya zagayo sau biyu bai motsa ba, sai a rubuta kalmominsa goma na farko a akwatin neman rumbun ɗaya bayan ɗaya, a ga ko hotunan da ke fitowa danginsa ne ko kuwa ya faɗa cikin wasu daban.