Metodoloji: me ake nufi da shi a takardar neman aikin zana hanya?

Tun da aikin hanyoyin karkara ya kankama a nan Gombe, da shirin nan na kilomita 100 a kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 11, ga kuma RAAMP, shirin hanyoyin karkara da kasuwancin amfanin gona, a makwabciyarmu Bauchi, kalmar metodoloji ta shiga bakin mutane. A rediyo za ka ji ɗan siyasa yana cewa metodolojinsu shi ne hanya ta kai kowane lungu da saƙo. Wannan buri ne, kuma buri mai kyau, amma ba shi kalmar take nufi ba. Na 'yan siyasa bai cika damuna ba. Wanda yake ci min tuwo a ƙwarya shi ne na cikin gida, wato injiniyoyin da suke rubuta wannan sashe a takardar neman aiki, su ma suna ɗaukarsa wurin jera alkawari.

Kafin gireda ta taka ƙasa, akwai kamfanin injiniyoyi masu ba da shawara da ake ɗauka ya auna hanyar, ya gwada ƙasarta, ya zana ta, ya ƙiyasta kuɗinta. Idan gwamnati ta nemi irin wannan kamfani, takan fitar da takardar sharuɗɗa mai faɗin abin da take so. Kamfanoni su kawo tayi kashi biyu, na fasaha daban, na kuɗi daban. Na fasaha ake fara buɗewa a ba shi maki, wanda bai kai makin da aka gindaya ba, ambulan ɗin kuɗinsa ma ba a buɗewa. A ayyukan da Bankin Duniya yake sa kuɗi, fom ɗin da ake kira TECH-4 shi ne gurbin metodoloji, TECH-5 jadawalin aiki da ranakun miƙa takardu, TECH-6 kuma jerin ƙwararru da tsawon lokacin da kowa zai yi. Metodoloji ke nan shi ne bayanin yadda kamfani zai bi ya yi aikin da aka nema, a wannan hanyar takamaimai, da wa zai yi kowane mataki, da abin da za a damƙa wa mai aiki a ƙarshen kowane mataki.

Ruɗanin yana nan ne wajen "yadda". Takardar sharuɗɗa ta ce a yi binciken ƙasa. Kamfani ya ɗauko jimlar ya juya ta, ya rubuta cewa zai gudanar da cikakken binciken ƙasa bisa ƙa'idojin da duniya ta amince da su. Shafi arba'in a haka, da hotunan na'urori masu ƙyalli. Mai aiki ya faɗi abin da yake so, an maimaita masa abin da yake so, kuma har yanzu ba wanda ya san rami nawa za a tona. Akwai gwaji mai sauƙi da nake yi wa kowane irin wannan rubutu: in cire sunan hanyar in sa sunan wata hanya a Sakkwato ko Kalaba. Idan ba jimlar da ta zama ƙarya, to kamfanin bai je wurin ba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce hanya ce ta kilomita 18 a yankin Yamaltu-Deba, daga wani ƙauye zuwa babban titi. Duk wanda ya san wajen Deba ya san baƙar ƙasar nan mai laka, wadda da rani take dardarewa har ka iya zura hannu cikin tsagar, da damina kuma ta sha ruwa ta kumbura ta riƙe tayar mota. A ce kilomita 6 daga cikin 18 ɗin a kan irin wannan ƙasa suke. Wannan shi ne babban ciwon hanyar, domin ƙasar da take kumbura tana motsewa kowace shekara ita ce take tsaga kwalta a tsaye, daga gefe, tun hanya ba ta tsufa ba. Metodoloji na gaskiya daga nan zai fara. Zai ce mun zaga hanyar, daga wuri kaza zuwa wuri kaza baƙar laka ce, saboda haka ba za mu yi mata gwaji iri ɗaya da sauran ba.

Sai ya shiga lissafi. A ce zai tona ramin gwaji kowace mita 500, zurfin kamar mita ɗaya da rabi. A kilomita 18, rami 37 ke nan. A kan baƙar laka zai matso da su zuwa kowace mita 250, wanda ya ƙara rami 12, jimilla 49. Daga kowane rami za a ɗebi samfuri a kai ɗakin gwaji. Gwajin da aka fi dogara da shi wajen sanin ƙarfin ƙasa shi ne CBR: a daddanne ƙasar cikin gwangwanin ƙarfe, a jiƙa ta cikin ruwa, galibi kwana 4, sannan a auna ƙarfin da ake bukata kafin sandar ƙarfe ta nutse cikinta. Jiƙawar ita ce zuciyar gwajin, don watan Agusta ake kwaikwayo. Baƙar laka a bushe tana da tauri kamar dutse, amma a jiƙe sau da yawa ba ta wuce 2 ko 3 cikin ɗari ba, alhali burjin da ake shimfiɗawa dab da ƙarƙashin kwalta ana neman ya kai 80. Wanda ya rubuta "za mu yi CBR" bai ce a jiƙe ko a bushe ba, ya bar wa kansa ƙofar kawo sakamako mai daɗin gani.

Kuma bai kamata ya tsaya ga gwaji ba. Ya faɗi abin da zai yi da sakamakon: zai kwatanta kuɗin kwashe lakar a cike da jar ƙasa, da kuɗin gauraya ta da farar ƙasa don a kashe mata kumburi, da kuɗin ɗaga hanyar sama a kan ciko mai kauri. Ya kuma faɗi yadda zai nemo ramukan ɗibar burji a kusa, ya gwada su, ya auna yawan abin da ke ciki da nisansu da hanya. Nisan jigilar burji kaɗai yana iya tayar da kuɗin kwangila fiye da yadda mutum yake zato, kuma shi ne abin da ɗan kwangila yake fara kawo kuka a kansa idan zane bai fayyace shi ba.

A nan ne sashen ma'aikata yake shigowa, kuma a nan ake kama kamfanonin da suka kwafo rubutu. Mutane suna ɗaukar jerin ƙwararru a matsayin wurin baje digiri. Takardun suna da amfaninsu, dole injiniya ya kasance da rajistar hukumar injiniyoyi ta COREN, safiyo da ta hukumar safiyoyi ta SURCON. Amma abin da mai tantancewa ya kamata ya duba shi ne ko lokacin da aka ba mutum ya ishi aikin da aka ɗora masa. Koma kan ramukanmu 49. Idan ma'aikata suna gama rami 5 a rana, kwana 10 ke nan a daji, mako biyu na aiki. Idan ɗakin gwajin yana iya kammala samfuri 10 a mako, saboda gwangwanayen suna da iyaka kuma kowanne sai ya kwana huɗu a ruwa, mako biyar ke nan. Ko an fara gwaji tun ana tono, da wuya a gama ƙasa da mako shida, ba a ma sa samfurin burji da rubuta rahoto ba. To sai ka buɗe TECH-6 ka tarar injiniyan ƙasa da kayan aiki an rubuta masa wata 1. Ka buɗe TECH-5 ka tarar an yi alkawarin zanen farko, har da kaurin shimfiɗar hanya, a mako na shida. Ɗayan biyu ne: ko ba za a tona ramukan nan duka ba, ko za a zana kaurin hanya kafin sakamako ya fito. Na taɓa zama a wani kwamitin tantancewa inda aka nuna wa wakilin wani kamfani irin wannan saɓani, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai muna da ƙwarewa, mun san ƙasar yankin." Shugaban zaman, wani dattijon injiniya, ya ce masa, "Malam, in ka san ta, me ya sa ka sa kuɗin gwaji?"

Haka ake bin kowane ƙwararre. Injiniyan magudanan ruwa, idan jadawali ya kai shi wurin a watan Fabrairu, busasshen kwari zai gani. Ba laifi ba ne, amma metodoloji ya faɗi yadda zai cike giɓin: zai duba alamar inda ruwa ya taɓa kaiwa a jikin bishiya da gaɓa, zai tambayi dattawan ƙauye inda ambaliya ta tsaya, zai auna faɗin ƙasar da take zubo ruwa cikin kowane kwari kafin ya yanke girman kwalbati. A Gombe ba sai an gaya wa kowa abin da ruwan da aka sake shi daga bakin kwalbati ba tare da kariya ba yake yi wa ƙasa mai yashi. Mai ƙirgar motoci kuma ya ce kwana 7 a jere zai yi, da ranar kasuwa a ciki, ya kuma ce zai auna nauyin manyan motoci. Ƙirga kawai ba ta isa ba, domin idan nauyin da ke kan ƙafar mota ya ninka biyu, ɓarnar da take yi wa hanya tana ninka kusan sau 16. Tirela ɗaya mai lodin masara ko siminti ta fi dubban babura cin kwalta.

Game da abin da za a miƙa, ra'ayina mai tsauri ne. Rubuta "rahoton farko, zanen farko, zanen ƙarshe" ba komai ba ne sai an faɗi abin da ke cikin kowanne. Rahoton ƙasa ya zo da takardun ɗakin gwaji na asali da wurin kowane rami, yadda ma'aikatar gwamnatin da ta ba da aikin za ta iya tura mutum ya je ya ga tabon tonon. Rahoton safiyo ya zo da jerin turakun siminti da aka kafa a gefen hanya da lambobinsu, don da su ɗan kwangila zai dasa hanyar a ƙasa bayan shekara ɗaya ko biyu. BEME, wato takardar adadin aiki da farashi, ta zo da lissafin da ya haifi kowane adadi, musamman na tono da ciko. Sannan jadawali ya ware wa ma'aikata lokacin dubawa, a ce mako biyu bayan kowane rahoto, ya kuma faɗi matakin da ba za a wuce ba sai an sa hannu. Layin hanya shi ne na farko a irin waɗannan matakai. Idan aka ci gaba da zanen ƙarshe kafin a amince da inda hanyar za ta bi, sannan daga baya aka gano ta ratsa maƙabarta ko gonakin da ba a shirya diyyarsu ba, kusan duk abin da aka zana a wannan yankin sai an sake shi, tun daga awo har zuwa girman kwalbati, kuma kamfani zai dawo yana neman ƙarin wata uku da ƙarin kuɗi.